Yadda Ake Sake Tsara Rahoton Gwaji: Kowace Jimla Da Mazauninta

Yawancin ɗaliban kimiyya idan suka fito daga ɗakin gwaje-gwaje sukan rubuta rahotonsu kamar masu ba da labarin tafiya: mun shiga, mun ɗaura zare, mun auna, agogo ya ba mu matsala, muka sake aunawa. Wannan daftari ne mai amfani, domin yana riƙe abin da ya faru kafin a manta. Sai dai malamin da zai duba aikin amsar tambayoyi huɗu yake nema, kuma ya san inda zai tarar da kowace.

Masanin ƙididdigar lafiya ɗan Birtaniya, Austin Bradford Hill, ya jera tambayoyin nan a shekarar 1965: me ya sa ka fara aikin, me ka yi, me ka samu, kuma mene ne ma'anar abin da ka samu. Su ne suka dace da sassa huɗu na rahoto, wato gabatarwa, hanyar aiki, sakamako, da tattaunawa. Masana na taƙaita tsarin da IMRAD, kuma a kansa ake rubuta galibin maƙalun bincike a mujallun kimiyya da na likitanci.

Bari mu ɗauki gwajin da ɗaliban fiziks suka sani tun daga babbar sakandare, wato gwajin lilo. Ana rataye ɗan dunƙulen ƙarfe a zare, a ja shi gefe kaɗan a sake shi, a auna lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo. Daga nan ake lissafa g, wato yadda saurin abu ke ƙaruwa idan yana faɗowa ƙasa.

A ce wata ɗaliba ta rubuta daftarinta haka: "Mun ɗaura zare mai tsawon santimita 40, ya yi lilo 20 cikin daƙiƙa 25.4. Ana amfani da wannan gwaji don gano g. A santimita 60 mun samu 31.1, a 80 mun samu 34.1 wanda da alama kuskure ne saboda ƙirga, a 100 mun samu 40.2. Mun tabbatar ba mu ja ƙarfen ya wuce digiri 10 ba. Amsarmu ta yi kusa da ta littafi."

Duk abin da ake bukata kusan yana nan, amma a cakuɗe yake kamar hatsin da aka zuba wake da gero a buhu ɗaya. Matakin farko shi ne tsincewa, kuma ba a sake rubuta komai tukuna. Ɗaliba ta bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da fensir, ta tambayi kowace: wace tambaya kike amsawa? Sai ta sa mata harafi a gefe, G ko H ko S ko T.

Jimlar da ke cewa ana amfani da gwajin don gano g ta gabatarwa ce, ko da yake ta zo ta biyu. Ta digiri 10 ta hanyar aiki ce, ko da yake ta zo kusa da ƙarshe. Wahalar tana ga jimlolin da suka ɗauko kaya biyu. Ta farko ta faɗi abin da aka yi, wato tsawon zare da yawan lilo, ta kuma faɗi abin da aka samu, wato daƙiƙa 25.4. Irin wannan dole a raba ta biyu. Haka ma wadda ta ambaci 34.1: lambar ta sakamako ce, amma "da alama kuskure ne saboda ƙirga" hasashe ne, mazauninsa tattaunawa.

Da zarar an kwashe jimlolin an kai kowace sashenta, sai giɓi ya bayyana. Gabatarwar ɗalibar nan jimla ɗaya tak gare ta. Tana bukatar ta bayyana ƙa'idar da gwajin ya dogara a kai, wato g = 4π²L/T², inda L yake tsawon zare, T kuma lokacin lilo guda. Sannan ta rufe sashen da manufa a fili: za a auna g a kwatanta da abin da aka sani.

Hanyar aiki ita ma da saura. Ma'auninta shi ne ko wani da bai je ɗakin ba zai iya maimaita gwajin da abin da aka rubuta kaɗai. A nan ba zai iya ba, domin ba a faɗi daga ina zuwa ina aka auna zaren ba. Daidai shi ne daga inda aka maƙale shi zuwa tsakiyar dunƙulen ƙarfen. Ya kamata kuma a faɗi dalilin taƙaita kusurwa: ƙa'idar tana aiki sosai ne idan lilon ƙarami ne.

A sashen sakamako, jadawali ya fi dogon zance. Idan aka raba kowane lokaci da 20 aka sa a ƙa'ida, santimita 40 zai ba da g na 9.79, 60 ya ba da 9.80, 100 ya ba da 9.77, amma 80 ya ba da 10.86, duk a ma'aunin mita cikin daƙiƙa cikin daƙiƙa. A rubuta su duka huɗu yadda suka fito. Goge lambar da ba ta yi daɗi ba maguɗi ne, kuma malamai sun san shi. Alamar da ke nuna sashen ya gurɓata ita ce ganin kalmomi irin su "saboda", "wataƙila" da "wannan na nuna". Duk inda suka fito, jimlar ta yi ɓatan kai.

Tattaunawa ce wurin da ɗaliba ke nuna ta fahimci aikinta. "Ta yi kusa da ta littafi" bai isa ba, kusa nawa? Matsakaicin lambobi ukun da suka yi daidai da juna 9.79 ne, kuma a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, kamar Najeriya, g na kusan 9.78. Sai batun 10.86. Da a ce g 9.79 ne, lilo 20 a santimita 80 zai ɗauki kusan daƙiƙa 35.9. Lilo 19 kuwa zai ɗauki 34.1, daidai abin da aka samu. Ke nan akwai hujjar cewa mai ƙirga ya ce "ɗaya" a lokacin da aka saki ƙarfen, maimakon ya jira lilon farko ya cika. Yanzu hasashen ya samu ƙafar tsayawa, kuma an bayyana dalilin cire lambar daga matsakaici. A lura, kada wata sabuwar lamba da aka auna ta fara fitowa a nan. In ta fito, a mayar da ita sakamako.

Daga ƙarshe a karanta ƙarshen gabatarwa, a tsallaka kai tsaye zuwa farkon tattaunawa. Idan tambayar da aka yi a can ita aka amsa a nan, rahoto ya haɗu. Wasu malamai kan so a haɗe sakamako da tattaunawa, wasu kan ƙara kammalawa, don haka a duba umarnin darasi kafin a miƙa. Ko da an haɗe su, a fara faɗin abin da aka gani kafin abin da ake zato. Ɗalibin da ke da daftari a hannu yau, ya ɗauki fensir ya fara sa wa jimlolinsa haruffa.