Wasiƙar da ke cewa an shiga asusunka: me ya kamata ta faɗa, me ya kamata ka yi

A ranar 18 ga Janairun 2023 kamfanin PayPal, wanda ake aika kuɗi da karɓarsu ta intanet a hannunsa, ya fara tura wa mutum 34,942 wata wasiƙa. Abin da ta ƙunsa shi ne, tsakanin 6 da 8 ga Disambar 2022 waɗansu sun shiga asusunsu, kuma ba fasa ƙofa suka yi ba. Da adireshin imel na mai asusun da ainihin kalmar sirrinsa suka shiga, kamar yadda shi kansa yake shiga kullum. Irin wannan wasiƙa tana iya zuwa wa kowa da ke da asusu a banki ko a manhajar ciniki, don haka ya dace mu buɗe ta PayPal mu karanta a tsanake, mu ga inda ta yi daidai da inda ta gaza.

Tambayar farko ita ce, ina ɓarayin suka samo kalmomin sirrin? Kamfanin ya ce bai ga wata shaida da ke nuna daga rumbunsa aka kwashe su ba. Salon satar sananne ne. Idan aka yi kutse a wani shafi, a ce na sayar da takalma ko na wasanni, akan kwashe jerin imel da kalmomin sirri na dubban mutane, a sayar ko a watsa. Sai wani ya ɗauki jerin ya ɗora wa na'ura, ita kuma ta riƙa gwada kowane imel da kalmarsa a shafukan da ake ajiye kuɗi, ba dare ba rana. Mafi yawan gwajin ba ya ci. Wanda ke ci shi ne na mutumin da ya yi amfani da kalma ɗaya a wurare da yawa, kamar mai makulli ɗaya da ke buɗe gida da shago da sito: duk wanda ya tsince shi a ƙofar shago ya sami gidan ma.

Wasiƙar ta bi tsarin da ya zama ruwan dare a Amurka, wanda dokar jihar Kalifoniya ta tsara: abin da ya faru, bayanan da abin ya shafa, abin da kamfani ke yi, abin da kai za ka iya yi, sai inda za ka nemi ƙarin bayani. A sashe na biyu ta ambaci suna, adireshin gida, ranar haihuwa, lambar haraji, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta Amurka wadda ake nema wajen aiki da karɓar bashi. Wannan sashe shi ne zuciyar kowace wasiƙa irin wannan, domin matakin da za ka ɗauka ya dogara ne da abin da ya fita. Kalmar sirri ana canza ta cikin minti biyu. Katin banki ana soke shi a ba ka sabo. Ranar haihuwarka kuwa ba ta canzuwa, haka ma lambar shaidarka. Wanda ya riƙe su yana iya jira shekara guda kafin ya nemi bashi da sunanka. Shi ya sa PayPal ya biya wa mutanen hidimar sa ido ta shekara biyu a kamfanin Equifax, wanda ke lura da duk wani yunƙurin buɗe asusu ko cin bashi da sunan mutum. Ya kuma soke tsofaffin kalmomin sirrin, ta yadda duk wanda abin ya shafa sai ya sa sabuwa kafin ya sake shiga.

Duk wannan ya yi kyau. Amma akwai abu biyu da ban gamsu da su ba. Na farko jinkiri. An gama kutsen ranar 8 ga Disamba, kamfanin ya ce ya tabbatar da shi ranar 20 ga wata, wasiƙa kuma sai 18 ga Janairu. Kusan mako shida ke nan lambobin mutane suna hannun wasu, masu su ba su sani ba. Kuma a duk tsawon lokacin, wanda ya yi amfani da kalmar nan a imel ɗinsa ko a wani banki, ƙofarsa a buɗe take, tun da PayPal asusun da ke hannunsa kaɗai yake iya rufewa.

Na biyu, mai karanta wasiƙar zai tashi da tunanin cewa sakacinsa ne kaɗai ya jawo masa. Sai a Janairun 2025 sauran labarin ya fito, lokacin da hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta ci PayPal tarar dala miliyan 2. Binciken hukumar ya nuna cewa kamfanin ya yi gyara a tsarin wata takardar haraji mai suna 1099-K, gyaran ya bar lambobin shaidar mutane a fili ba tare da an rufe su ba, ga duk wanda ya shiga asusun. Haka kuma a lokacin bai wajabta mataki na biyu na tantancewa ba, wato lambar da ake turo wa wayarka bayan ka sa kalmar sirri, bai kuma sa isassun shingayen da ke hana na'ura ta yi ta gwaji babu iyaka ba. Gaskiya ne abokin hulɗa ya yi kuskuren maimaita kalma ɗaya. Amma kamfanin da ke riƙe da amanar miliyoyin mutane ya san sarai cewa jama'a na yin haka, kuma aikinsa ne ya yi shiri a kai. Wasiƙar da ta faɗi laifin abokin hulɗa ta yi shiru kan nata, rabin gaskiya ta faɗa.

A Najeriya ma akwai doka a kan wannan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ce duk wanda ke riƙe da bayanan mutane, idan aka yi kutsen da ke iya cutar da su, dole ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 daga lokacin da ya sani. Idan haɗarin babba ne, dole ya sanar da mutanen da abin ya shafa nan take, cikin harshe mai sauƙin fahimta, haɗe da shawarar abin da za su yi don rage ɓarna. A ganina, kamfanin da yawancin abokan hulɗarsa suke Kano ko Sakkwato bai cika wannan sharaɗi a aikace ba idan ya aika da shafi biyu na Turancin lauyoyi. Da ni aka ba wa aikin rubutawa, ga yadda zan buɗe: “Tsakanin ranar kaza da ranar kaza wani ya shiga asusunka da kalmar sirrinka. Ya ga sunanka, lambar wayarka, lambar asusunka da cinikin da ka yi kwanan nan. Bai ga lambar sirrin katinka ba. Mun soke tsohuwar kalmar. Ba za mu kira ka mu nemi wata lamba ba. Duk wanda ya kira da sunanmu ya nema, ɗan damfara ne.” Faɗin abin da bai fita ba yana da amfani kamar faɗin abin da ya fita, domin yana hana mutum ruɗewa.

To, idan wasiƙar ta zo maka fa? Kafin komai, kada ka taɓa wani mahaɗi da ke cikinta, kada kuma ka kira lambar da ke ciki. 'Yan damfara sun fi kowa iya kwaikwayon irin wannan saƙo, kuma sukan yi haka ne daidai lokacin da labarin kutse ya bazu. Buɗe manhajar kamfanin da kanka, ko ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshen banki. Sanarwa ta gaskiya ba ta neman kalmar sirri, ko lambar sirrin kati, ko lambar nan da ake turowa ta saƙon tes. Ba ta kuma cewa za a rufe asusunka cikin awa ɗaya in ba ka amsa ba.

Da zarar ka tabbatar gaskiya ce, fara da imel ɗinka, tun kafin asusun da aka ambata. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali duk shafin da ka ce masa ka manta kalmar sirri, imel ɗin nan zai tura wa hanyar sake ta. Wanda ya mallaki imel ɗinka zai iya canza duk abin da ka canza. Sa masa sabuwar kalma, doguwa, wadda ba ka taɓa amfani da ita ba. Ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar ba canji ba ne, domin masu gwajin sun san wannan dabara. Kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, a haɗe, sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan ka zauna ka tuno duk inda ka taɓa sa tsohuwar kalmar, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane wuri da tasa. Rubuta su a littafin da ke ɓoye a gida ya fi maimaita guda ɗaya aminci. Shafin haveibeenpwned.com, wanda masanin tsaro Troy Hunt ya kafa a 2013, yana nuna maka kyauta ko imel ɗinka ya fito a wani kutsen da aka riga aka sani.

Daga nan sai ka kunna mataki na biyu na tantancewa, ka kuma leƙa cikin asusun da kyau. Duba lambar waya da imel ɗin da ke ciki, ko naka ne har yanzu. Duba ko an ƙara wani sabon mai karɓar kuɗi, ko wata wayar da ba ka sani ba tana cikin jerin na'urorin da suka shiga, ka fitar da ita. Ɓarawon da ya sa lambarsa a matsayin ta ko-ta-kwana zai dawo ko da ka canza kalma sau goma. Ka bi bayanan cinikinka, har da 'yan ƙananan kuɗi, domin akan cire kaɗan don gwaji kafin a ɗebi mai yawa. In ka ga abin da ba ka sani ba, sanar da bankinka a rubuce ranar, ka ajiye kwafi, ka ajiye wasiƙar kutsen ita ma.

Abin da ya fi yi wa mutanenmu illa yakan zo ne daga baya, ta waya. Wani zai kira cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunanka, ranar haihuwarka, wataƙila har da BVN ɗinka da kuɗin da ka tura shekaranjiya, ya ce daga banki yake kuma yana so ya taimaka a kare asusunka, sai dai ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Sanin waɗannan bayanai ba shaida ba ce cewa ma'aikacin banki ne, domin su ne ainihin abin da aka sace. Lambar da yake nema ita ce abu ɗaya da ya rage masa. Haka kuma idan layinka ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, yi maza ka tuntuɓi kamfanin layin da bankinka, don akwai yiwuwar an ɗauke lambarka zuwa wani sim.

Wannan bayani na kiran waya, ka isar da shi ga iyaye da 'yan uwan da wani ke karanta musu saƙo, tun kafin a kira su. Ka ce musu duk wanda ya nemi lambar da ta shigo wayarsu, ko da ya san sunan kakansu, su kashe wayar su je banki da ƙafarsu.