Amsa Takardar Maraba: Yadda Baƙo Zai Gode Wa Masu Masaukinsa Da Turkanci

Ɗalibanmu da ke tafiya karatu Turkiyya, musamman tun daga 2012 da gwamnatin ƙasar ta haɗa guraben tallafin karatunta a ƙarƙashin shirin Türkiye Bursları, yawancinsu a ɗakunan kwanan ɗalibai suke zama. Amma akan sami wanda wani iyali zai sauke a gida, ko kafin a buɗe makaranta, ko lokacin hutun salla. Turkawa mutane ne masu karrama baƙo, kuma ba abin mamaki ba ne baƙon ya shiga ɗaki ya tarar da 'yar takarda a kan gado, uwargida ta rubuta masa maraba da hannunta. Shi kuwa ko gaisuwa bai gama iyawa ba. Zai ɗauko waya ya ɗauki hoton takardar, manhajar fassara ta gaya masa abin da aka ce. To daga nan sai batun amsa, kuma ni a ganina nan ne aikin yake.

Mu ɗauki misali. A ce wata ɗaliba ce daga Kano ta sauka gidan wasu dattawa a Konya, ta tarar da wannan rubutu:

```
Evimize hoş geldin kızım.
Burası senin de evin.
Akşam yemeği yedi buçukta.
Çekinme, acıkınca dolabı aç.
```

Ma'anarsa ita ce: barka da zuwa gidanmu 'yata, nan ke ma gidanki ne, abincin dare ƙarfe bakwai da rabi, kada ki ji nauyi, in kin ji yunwa ki buɗe firji.

Kafin wannan ma'ana ta fito daidai, sai hoton ya yi kyau. A shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga, a riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba, a kashe fitilar kyamara don tana wanke rubutun fensir, a kuma lura kada inuwar hannu ta faɗa kan layukan. In akwai lambar sirrin intanet ɗin gidan ko lambar wayar wani a ƙasan takardar, a rufe wurin da wata takarda tukuna, domin hoton yakan bar wayar ya tafi na'urorin kamfani.

Manhaja irin Google Translate aiki biyu take yi a jere. Da farko tana karanta haruffan da ke hoton, sannan ta fassara abin da ta karanta. Mutane da yawa na biyun kaɗai suke dubawa, alhali kuskuren yakan faru ne tun a na farkon. Turkanci tun 1928 da haruffan boko ake rubuta shi, guda 29, kuma a cikinsu akwai masu ɗigo da masu wutsiya: ç, ş, ğ, ö, ü, sai kuma i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo. Mai rubutu da sauri yakan mayar da ɗigo biyun nan ɗan layi guda, ko wutsiyar ş ta ɓuya cikin layin takarda. Bahaushe ya san illar haka, tun da ya san tazarar da ke tsakanin ƙasa da kasa. A Turkanci su ruwa ne, şu kuma "wancan". Kalmar oldu na nufin ya yiwu, öldü kuwa ya mutu. Saboda haka ɗalibar nan za ta sa manhajar ta nuna mata rubutun Turkancin da ta karanto, ta ajiye shi gefen takardar, ta bi kalma bayan kalma. Ba sai ta iya harshen ba, ido kawai ake buƙata. Inda ta ga ɗigo ya faɗi sai ta gyara da hannu, bayan ta ƙara allon rubutun Turkanci a wayarta, sannan ta sake fassarawa jimla ɗaya-ɗaya.

Alamar cewa fassara ta kauce ita ce jimlar da ba ta dace da gida ba. A takardar da ke sama, yedi bakwai ne, amma kalmar kuma tana nufin "ya ci". In hoton ya yanke kalmar da ke biye, sai a ga manhaja tana cewa wani ya ci abincin dare. Dolap kuwa asalinsa kabad ne, amma a bakin uwargida Baturkiya da ke maganar yunwa, firji take nufi. Sunaye ma suna da tarko. Deniz suna ne na mutane, ma'anarsa teku. Yağmur suna ne, ma'anarsa ruwan sama. In fassara ta ce ki kwana a ɗakin teku, duba takardar: babban baƙi a tsakiyar jimla da 'yar waƙafi a sama kafin ƙarshen kalmar, kamar Deniz'in, alama ce ta sunan mutum.

Duk wannan gyaran bayani ne. Akwai wani abu kuma da takardar take ɗauke da shi wanda manhaja ba ta cika isar da shi ba, wato matsayin da aka ba baƙuwar. Uwargidan nan ba ta kira ta da suna ba, cewa ta yi kızım, 'yata. Kuma ta yi mata magana da sen, lamirin da babba ke kiran ƙarami ko na kusa da shi. Ta ɗauke ta 'yar gida ke nan tun kafin su zauna. Amsar da ta dace kuwa ba da sen za a ba da ita ba. Yarinya takan amsa wa babba da siz, lamirin jam'i, daidai da yadda 'yar Kano mai tarbiyya za ta ce wa ƙawar mahaifiyarta "kun tashi lafiya?" ko da ita kaɗai ce a ɗakin. In aka rubuta wasiƙar da Ingilishi aka ba manhaja, wannan bambanci ya ɓace, don Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga babba da yaro. Manhajar sai ta zaɓa da kanta, wani lokaci ma ta gauraya su cikin wasiƙa ɗaya. Dabarar da ake yawan ba mutane, ta mayar da fassarar baya a ga ko ta dawo daidai, ba za ta kama wannan ba, domin sen da siz duk wuri ɗaya za su koma.

Ana gane shi ne da ido. In an ga sana ko senin a wasiƙar da za a ba dattijuwa, a mayar da su size da sizin. Kalmomin girmamawa kuma sukan ɗauki niz, nız, nuz ko nüz a jikinsu: evin gidanki ne, eviniz gidanku. A kira uwargida teyze, wadda asalinta 'yar'uwar uwa ce, maigida kuma amca, ɗan'uwan uba, kamar dai yadda muke cewa inna da baffa ga waɗanda ba dangi ba. In an san sunansu, suna ke zuwa farko sannan teyze ko amca ya biyo.

Ga wasiƙar da ɗalibar za ta iya rubutawa:

```
Sevgili teyzeciğim ve amcacığım,
Hoş bulduk. Güzel notunuz için çok teşekkür ederim.
Bana "kızım" dediniz, çok mutlu oldum.
Mercimek çorbası çok güzeldi, elinize sağlık.
Annem ve babam size selam söylüyor.
Hatalarım için kusura bakmayın.
Ellerinizden öperim.
```

Da Hausa: inna da baffa abin ƙaunata, na same ku lafiya, na gode ƙwarai da kyakkyawar takardarku. Kun kira ni 'yarku, na ji daɗi sosai. Miyar adas ɗin nan ta yi daɗi, Allah ya ƙara wa hannunku lafiya. Mahaifiyata da mahaifina suna gaishe ku. A yi mini afuwa kan kurakuraina. Ina sumbatar hannuwanku.

Layi bakwai ne, kuma kowanne yana amsa wani abu. Hoş bulduk ita ce amsar hoş geldin da kowane Baturke yake jira, kamar yadda sallama ke jiran amsarta, don haka da ita ake buɗewa. Ambaton kalmar da uwargida ta kira ta da ita shi ke nuna an karanta takardar da gaske, ba godiyar da za a iya kai wa kowane gida ba ce. Miyar ma haka: a ambaci abu guda da aka ci ko aka gani a gidan, sannan a bi shi da elinize sağlık, wadda ita ce godiyar da ake yi wa wanda ya dafa abinci. Gaisuwar iyaye kuwa tana kwantar wa dattawa hankali, su san yarinyar tana da gida a bayanta. Rufewar tana da tushe a al'adarsu, inda yaro kan sumbaci hannun babba ya kai shi goshi, musamman ranar salla. Wanda bai saki jiki da ita ba zai iya rubuta saygılarımla, wato tare da girmamawa.

Batun addu'a yana son lura. Mu in ba mu ce Allah ya saka da alheri ba sai mu ji godiyar ba ta cika ba, kuma Turkanci yana da Allah razı olsun, wadda gidaje da yawa za su karɓa hannu biyu. Amma Turkiyya tana da gidajen da harshen addini ba shi ne na yau da kullum ba. A duba takardarsu da hirarsu: in ana jin inşallah da maşallah suna yawo, a sa addu'ar ba fargaba, in ba a ji ba, teşekkür ederim ta wadatar.

Shawarata kada a tsawaita. Jimlolin Turkanci suna jera ƙananan ɗafe-ɗafe a bayan kalma, aikatau kuma yana zuwa ƙarshe, shi ya sa doguwar jimla mai rassa take fitowa daga manhaja a hargitse. Karin magana ma a bar shi gida, don in aka juya shi kalma da kalma dattawan za su yi ta juya takardar ba su gane ba. In akwai ɗalibi Baturke a kusa, minti biyu za su ishe shi ya duba. In babu, wasiƙa gajera mai ɗan kuskure ta fi doguwa mai santsi wadda kowa ya san ba baƙuwar ce ta tsara ta ba.

Sannan a kwafe ta da biro a farar takarda, tun da su ma da hannu suka rubuto. A nan ne za a kula da ɗigo fiye da ko'ina: jimlar çok mutlu oldum in aka ɗora mata ɗigo ta koma öldüm, ta tashi daga "na ji daɗi sosai" ta zama "na mutu cikin farin ciki". A miƙa ta cikin kwana biyu ko uku da sauka, lokacin shan shayi ya fi, sa'ad da kowa ke zaune. Uwargida za ta iya amsawa da ne demek, wadda manhaja kan fassara da "me ake nufi", sai baƙuwa ta tsorata ta zaci ba a fahimci rubutunta ba. An fahimta sarai. Haka suke cewa ai ba komai. Ranar tafiya kuma, in an yi wata wasiƙar ta bankwana, akwai layin da za a ƙara: hakkınızı helal edin, wato a yafe mini hakkinku da ke kaina. Amsar da za a ji ita ce helal olsun, an yafe.