Kunun Gishiri: Taya Aminiya Murnar Ranar Haihuwa da Rahar da Kowa Zai Gane

Wata ƙanwata ta zauna riƙe da waya tana rubutawa tana gogewa. Ranar haihuwar aminiyarta ce, ta zaɓi hoto, saura abin da za ta rubuta a ƙasansa. Suna da wata raha tun suna makarantar kwana: wata rana da azumi, aminiyar ta dama kunun gyaɗa na buɗa-baki, ta zuba gishiri a maimakon sukari, su bakwai suka kurɓa a tare. Tun ranar ake kiranta Uwar Gishiri.

Rubutunta na farko shi ne: "Uwar Gishiri, kin gane ai!" Su bakwai ɗin za su kwashe da dariya, amma sauran masu gani za su tsaya kallon kallo. Abin da ya fi damuna ma, wanda bai san tushen laƙabi ba shi zai ƙirƙiro masa ma'ana. A Hausa kuwa, wanda ake cewa yana ƙara gishiri a zance ba yabonsa ake yi ba. Sai ga wasa ya koma kamar habaici a idon dangin miji.

Na ce mata ta ba baƙo abin da ya faru a jimla ɗaya, ta bar sauran labarin tsakaninsu. Ga abin da ta fitar:

"Barka da zagayowar ranar haihuwa ga wadda ta shayar da mutum bakwai kunun gishiri, kuma har yau girkinta muke layi a kai. Allah Ya sa zaƙin da kunun nan ya rasa ya tabbata a rayuwarki, ƙawata."

Dubi yadda aka jera shi. Kuskuren ya zo da adadinsa, don "mutum bakwai" shi ke sa mai karatu ya hango fuskokinsu. Nan take yabo ya biyo baya ya rufa mata asiri, sannan addu'ar ta fito daga cikin rahar kanta. Wadda ta fara furzarwa, da abin da aka ce a daren, wannan ya rage nasu.

Rahar ta zo da wuri, domin Instagram da Facebook kan yanke dogon rubutu sai an taɓa kafin a ga ragowarsa.

Ba kowace raha ce ke fita waje ba. Wadda ta shafi jiki, ko bashi, ko jinkirin aure, ko tsohon saurayi, a bar ta a ɗaki. Ko da Status na WhatsApp ne mai ɓacewa bayan awa 24, akwai mai ɗaukar hotonsa ya ajiye. Awon da nake yi shi ne: aminiyar kan ba da labarin nan da bakinta a gaban mahaifiyarta? Labarin kunun ya ci wannan jarrabawa, don ita da kanta take ba da shi duk azumi.