Fili Na Sayarwa: Abin Da Tallan Dillali Ya Faɗa Da Abin Da Ya Ɓoye

Duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Kano ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero zai ga yadda gari ke cinye gonaki. Wuraren Danbare, Rimin Gata da Langel, inda a da ake noma gero da dawa, yau harsashin gini ne da tulin bulo. A irin waɗannan wurare tallan fili ya fi yawa, a jikin bango ko a wayar hannu, kuma kusan duk ƙirarsu ɗaya ce. A ce ga wani kamar haka:

"Fili na sayarwa bayan jami'a. Hamsin da ɗari. Kusa da titi, ga wuta, unguwa ta cika. Takardu lafiya lau. Naira miliyan 4, akwai ragi. Mai buƙata ya kira dillali."

Babu ƙarya ƙarara a cikin wannan talla, amma kowace jimla tana buƙatar tambaya kafin a taɓa aljihu.

Fara da girman. "Hamsin da ɗari" na nufin ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, wato murabba'in ƙafa 5,000, kimanin murabba'in mita 465. Mai hamsin da hamsin rabin wannan ne cif. Abin da ke faruwa shi ne, a wasu wuraren an auna filin da taku ko da igiya, ko kuma maƙwabci ya ɗan shigo da katangarsa. Idan aka sa tef aka tarar da ƙafa 45 da 90, an koma murabba'in ƙafa 4,050 ke nan. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na filin ya tafi, kuma a farashin miliyan 4 wannan giɓi ya kai naira dubu 760. Saboda haka mai saye ya je da tef ɗinsa, ko ya ɗauki ma'auni, a auna dukkan kusurwoyi huɗu a gaban mai fili da maƙwabta.

"Kusa da titi" kuwa magana ce mai faɗi. Wane titi, kuma mota na iya shiga har bakin filin? Ga wanda ba ya cikin gaggawa, lokacin da ya fi dacewa a duba fili shi ne tsakiyar damina, a Yuli ko Agusta. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tsohon kududdufi da aka cike da shara, ko hanyar da ruwan unguwa ke bi. Baƙar ƙasa mai laushi, ledoji da ke leƙowa daga ƙasa, da alamar danshi a gindin katangar maƙwabta duk suna ba da labari. Haka nan "ga wuta": falwaya a bakin layi alheri ce, amma manyan wayoyin lantarki da suka ratsa ta saman fili suna nufin ba za a ba ka izinin gini a ƙarƙashinsu ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne "takardu lafiya lau". A Kano ana raba filaye gida biyu a bakin mutane: awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da hanyoyi, ta ba kowane fuloti lamba. Awon igiya kuwa gona ce da mai ita ko magadansa suka yanka suka sayar, kuma takardarsa sau da yawa yarjejeniyar ciniki ce kawai da sa hannun shaidu da na mai unguwa ko dagaci. Awon igiya ya fi araha, kuma unguwanni da dama a haka suka tashi, amma ya kamata mai saye ya san abin da yake saye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama a kai, wanda a filayen gidaje yawanci shekara 99 ake rubutawa a satifiket. Idan gwamnati ta karɓi wuri don hanya ko wani aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ne ko aka shuka a kai. Wanda ya sayi fili ya bar shi fayau a inda aka riga aka zana titi, yana iya wayar gari da takarda a hannu babu ƙasa.

Don haka talla na gaskiya ya kamata ya faɗi irin takardar da sunanta. Idan akwai satifiket, a karɓi lambarsa a je hukumar KANGIS, mai kula da bayanan filaye a Kano, a bincika: sunan wa ke kai, kuma ba a jinginar da shi a banki ba? Ko an biya kuɗi, mallakar fili mai satifiket ba ta koma sunan mai saye sai da amincewar gwamna, kuma izinin gini daga hukumar tsara birni ta KNUPDA ake neman sa. Idan filin gado ne, tambaya ta farko ita ce ko an raba gadon. Ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da kason 'yan'uwansa, kuma shari'o'in fili da dama a kotunanmu daga nan suke tasowa: an sayar, an gina, sai wata 'yar marigayi da ke aure a wani gari ta dawo ta ce ba da saninta ba. Gaskiyarta ce kuwa.

Saura "mai buƙata ya kira dillali". Dillali yana da amfani, shi ya san lungu da saƙo, amma ba shi ne mai fili ba. A kiran farko a tambaye shi wa ke da filin, kuma dillalai nawa ne a tsakani, domin kowane hannu da ciniki ya ratsa yana ɗora nasa. A daidaita la'ada tun kafin a je ganin wuri. Idan an yi kashi 5 cikin ɗari, a kan miliyan 4 naira dubu 200 ke nan, kuma a fayyace wa zai biya. Bayan an ga fili, sai a koma wata rana ba tare da dillalin ba, a gaisa da maƙwabta, a tambaye su na wane ne wannan wuri. Amsar da za su bayar ba tare da shiri ba ta fi kowace takarda saurin tona asiri. Daga nan a je wurin mai unguwa, sannan a zauna da mai filin ido da ido, a ga katin shaidarsa ya dace da sunan da ke takarda.

Kafin alƙalami ba ya fita sai an gama wannan duka. Dillalin da ya ce "Alhaji, wani na zuwa da kuɗi gobe, ka ajiye wani abu" yana so ne ya hana ka lokacin bincike. Idan an zo biya, a tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai filin kansa, a rubuta yarjejeniya da ke ɗauke da girman fili, sunayen maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa, farashi da kwanan wata, shaidun kowane ɓangare su sa hannu. Kuɗin lauya da zai duba takardar bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin filin.

Bayan ciniki, kada a bar wurin haka. Filin da babu alamar mai shi ne ake sayar wa mutum biyu ko uku. A kafa turakun siminti a kusurwoyi huɗu tun a makon farko, a ɗora ko da layi uku ne na bulo a kewaye, a kuma fara neman takardar gwamnati da sunan sabon mai shi.