Kafin a Zana Ɗankwali, a Fara Zana Kai

Sau da yawa za ka ga zanen mace, ido da hanci sun fito sak, amma ɗankwalin kamar an kifa mata kwano. Ba daga yadin matsalar ta taso ba. Mai zanen ne ya gama fuska, ya manta da ƙoƙon kai.

Idon babban mutum yana kusan tsakiyar kansa ne. Idan tsayin kan a takarda santimita 20 ne daga haɓa zuwa tsakar ka, idanu za su zauna wajen santimita 10. Sabon hannu yakan rage rabin saman nan, sai ɗankwali ya rasa mazauni. Don haka a fara zana kan tamkar an yi masa ƙwal-kwabo, da fensir mara kauri, a ƙara kamar santimita 1 saboda tudun kitso da kaurin yadi. Bakin ɗankwalin kuma ya bi gantsarar goshi ya zagaya ta wajen kunne, kada a ja shi a miƙe.

Daga nan sai a nemi ƙulli, domin duk tattarar da ke jikin ɗauri daga inda aka ja yadin take fitowa. In ƙullin yana ƙeya ta hagu, layukan za su cunkushe a can da duhu, su riƙa buɗewa suna dusashewa yayin da suke nufo goshi, inda yadin ya ɗame ya yi sumul. Manyan ninki uku ko huɗu sun isa. Wanda ya watsa layuka ko'ina, tsumma ya zana.

Yadi ma suna ya tara. Sabuwar atamfa tana da tauri, ninkinta mai kusurwa ne, lejenta kan tsaya cirko-cirko. Gyale mai santsi kuwa nauyinsa yake bi, ya zubo daga tsakar ka zuwa kafaɗa da dogayen layuka. Furen atamfar, wanda masu zane ke jin tausayin ɓatawa, dole ya karye a bakin ninki, ya ɓullo gaba a ɗan goce.

Hula ta fi sauƙi. Bakin zanna-bukar zobe ne da ya kama kai: mutum ya ɗaga haɓa, bakin ya gantsare sama, ya sunkuya, a hango saman hular. Sai siririyar inuwa a goshi, daidai ƙarƙashin bakin, wadda in babu ita hular za ta yi kamar tana lilo a iska.

In ka gama, ka nuna wa madubi zanen. Karkatar da idonka ya saba da ita, nan take za ta fito fili.