"Nan" ɗin Wa? Yadda Saƙo Ke Sauya Riga Tsakanin Illela da Ƙwanni

Ranar Asabar da yamma, a Illela, wani dillalin albasa ya ce wa yaronsa: "Gobe zan zo nan da kuɗin Alhaji." Yaron ya kwana, ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙwanni ranar Lahadi, ya ce wa Alhaji: "Ranka ya daɗe, maigida ya ce gobe zai zo nan."

Ya gyara abu ɗaya: "zan" ya koma "zai", tunda ba dillalin ke magana ba yanzu. Amma ya bar "gobe" da "nan" yadda ya ji su, alhali kalmomi ne masu nuni, ma'anarsu na rataye da inda mai magana yake da lokacin da ya furta su. A bakin yaron, "nan" ta zama Ƙwanni, "gobe" ta zama Litinin. Alhaji ya zauna jira a gida, dillali kuwa yana kasuwar Illela riƙe da kuɗi.

Daidai shi ne: "Ya ce yau zai kai kuɗinka can Illela." Ko "zo da" ma sai ta koma "kai", domin kuɗin ba wajen mai magana suke nufowa ba.

"Ranka ya daɗe" kuwa yaron ne ya ƙara, ba ta cikin saƙon. Matsayinsa gaban Alhaji take nunawa.