Wasiƙar da ake aikawa bayan an tashi daga nunin kaya

A ɗauka wata matashiya ce mai tallata manhajar lissafin kaya ta je wani shagon magani mai rassa uku a Kano. Ta buɗe kwamfuta, ta shafe minti 40 tana nuna wa manaja da akanta yadda manhajar ke aiki. Suka yaba, suka ce, "Madalla, za mu shaida wa Alhaji." Aka rabu da fara'a. Daga nan ne ciniki da yawa ke mutuwa, domin Alhajin da zai fitar da kuɗi bai ga komai ba, kuma kafin manaja ya same shi, rabin bayanin ya zube a hanya.

Maganin wannan shi ne gajeren imel da za ta aika a ranar, ko washegari da safe idan an makara. Sunan manaja ne a kai, amma a gaskiya Alhaji ake rubuta wa. Ya kamata manaja ya iya tura masa shi yadda yake, ya karanta a waya cikin minti ɗaya, ya gane inda aka kwana.

Bayan gaisuwa da godiya, sai ta fara da damuwarsu, da irin kalmomin da suka fito daga bakinsu. Masu talla da dama nan suke kuskure, su jero abubuwa goma da manhajarsu ke yi. Manaja bai ce yana neman manhaja ta zamani ba. Cewa ya yi magani na lalacewa a kan kanta ba a lura ba, kuma idan sabis ya ɗauke aiki na tsayawa. To, haka za ta rubuta:

"Ranka ya daɗe, abin da na fahimta shi ne kuna son a riƙa faɗakar da ku kwana 90 kafin wa'adin magani ya ƙare, kuma kuna son a ci gaba da sayarwa ko babu intanet. Idan na yi kuskure, a gyara mini."

Wannan jimla ta ƙarshe tana da aiki. Idan ta fahimci abin a karkace, gara ta sani yau, tun ba a kai ga batun kuɗi ba.

Sashe na biyu, wato abin da aka amince da shi, ya fi kowanne wuya, musamman a wajenmu inda kara ke hana mutum ya ce a'a a gaban baƙo. "Ba damuwa" da "za mu duba, in sha Allahu" ba yarjejeniya ba ce. Abin da ya cancanci shiga nan shi ne wanda aka furta da adadi ko rana, kowa ya ce to. A misalinmu, an yarda a gwada manhajar kwana 14 a reshe ɗaya, a kan kwamfuta biyu, ba tare da biyan komai ba. Farashi kuwa, akanta ya ji shi ya yi shiru. Sai ta ware shi, ta ce, "Batun kuɗin shekara ba mu kammala ba, yana jiran Alhaji." Da za ta cusa shi cikin abin da aka amince, ranar da Alhaji ya tambayi manaja wa ya ba shi izini, ta rasa wanda ke tsaya mata a shagon ke nan. A ganina wannan kuskuren ya fi rashin aika wasiƙar muni.

Sai mataki na gaba, kuma ɗaya tak. Wanda aka ce ya aiko da jerin kaya, ya zaɓi ranar horo, ya duba farashi, ya kuma haɗa ta da Alhaji, zai ajiye wasiƙar sai ya samu sarari, sararin kuma ba ya zuwa. Ta zaɓi abin da sauran suka rataya a kansa, ta faɗi wanda zai yi da ranar yi: "Ina roƙon Malam akanta ya aiko mini da jerin magungunan reshen a fayil ɗin Excel kafin Alhamis, domin in saka su a manhaja mu fara gwaji ran Litinin." Aikin da bai wuce minti goma ba ne, kuma yin sa ko rashin yin sa zai nuna mata ko da gaske suke.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A gurbin Subject ta sa sunan shagon da abin da ake jira, ta saka akanta a Cc tunda shi ke da aikin. Da yake ba kowane ɗan kasuwa ke leƙa imel kullum ba, ta bi shi da layi ɗaya a WhatsApp cewa ta aika.

Idan Alhamis ta wuce shiru, ta amsa a ƙarƙashin wasiƙar nan ta farko, ta maimaita roƙon fayil ɗin kaɗai. Kada ta soma rage farashin da ba wanda ya ce ya yi tsada.